Talata, ranar takardar Auta

Takardar Auta ta neman jingine zangon karatunsa a jami'a ta shiga yau, Alhamdulillahi. Kwafin da aka buga wa hatimin karɓa yana cikin jakata, tare da katin maganinsa.

Baba ne ya fara tada maganar tun da safe. Ya ce ko kusa kada a rubuta sunan ciwon a takardar da za ta bi ofis-ofis, yau tana teburin sakatare gobe tana hannun masinja, kafin ka ce kwabo duk sashe ya ji cewa yaron nan tarin tibi gare shi. Mama ta ce ciwo ai ba sata ba ne. Na bar su suna yi, na ɗauki fayil na fita, don na fi son in samu Malam kodinetan ajinsu kafin ya shiga lacca.

Na same shi, kuma a wurinsa rabin wunin ya tafi. Wasiƙar da Auta ya rubuta da kansa shafi biyu ce cur. Ya faro tun daga zazzaɓin dare da gumin da yake jiƙa masa riga, ya bi ta kan yadda ya rame, ya ƙare da roƙo don Allah don Annabi. Ni da na karanta jiya sai da na yi hawaye. Malam kuwa ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ajiye ta.

Ya ce, "Hajiya, Rijistara ba zai karanta wannan ba. Waɗanda za su zauna a kanta abu kaɗan suke nema: wane ne, wane zango yake son jinginewa, saboda me, yaushe zai dawo."

Ya jawo farar takarda ya zana mini. Adireshin Rijistara a sama, tunda shi ake rubuta wa. A ƙarƙashi ta hannun Shugaban Tsangaya, a ƙarƙashinsa ta hannun Shugaban Sashe, kowanne a bar masa ɗan fili inda zai sa hannu da hatimi. Sai kan magana layi ɗaya. Sai cikakken suna kamar yadda yake a takardar shiga jami'a, lambar rajista, sashe, aji uku. A faɗi zangon farko na wace shekarar karatu ake nufi, a faɗi zangon da zai dawo. Dalili jimla ɗaya tak: rashin lafiya, kamar yadda rahoton likita ya nuna. A ƙarshe a jera abin da aka maƙala, wato rahoton, da fom ɗin rajistar kwasa-kwasai, da rasit ɗin kuɗin makaranta, da kwafin katin shaida. Kuma Auta ne zai sa hannu, ba ni ba, tunda yana iya riƙe biro.

Nan na kawo damuwar Baba. Malam ya ce a gaya wa Alhaji ya kwantar da hankalinsa, wasiƙar ba ta buƙatar sunan ciwo. Sunan yana cikin rahoto, rahoton kuma likitan asibitin jami'a ne yake tantance shi, don takardar asibitin waje ba ta wucewa sai da sa hannunsa. Ya ce in roƙa a sa rahoton a ambulan a manne, a maƙala wa wasiƙar 'yar takardar tabbatarwa kawai.

Sai na yi masa tambayar da Kawu yake ta nanatawa a gida: me zai hana yaro ya yi zamansa kawai, in ya warke ya koma? Malam bai ce komai ba, ya jawo kalkuleta. Auta ya gama zango huɗu, kiredit 72, maki 259, CGPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, 3.60. Wannan zangon ya riga ya yi rajistar kiredit 18. In bai shiga jarrabawa ba, kuma babu takardar amincewa, kowane kwas F zai fito, maki sifili. Makin nan 259 sai a raba shi da 90, ya koma 2.88. Wato daga digiri mai daraja ta biyu babba ya zamo zuwa ƙarama, ga kari-oba a wuyansa, alhali bai yi kuskuren ko harafi ɗaya a jarrabawa ba. Ya ce ko ya lallaɓa ya zo jarrabawar, akwai dokar halartar aji kashi 75 cikin 100, Auta kuwa rabonsa da aji tun makonnin farko. Ga kuma iyakar shekarun da ake ba ɗalibi, mai digirin shekara huɗu shida ce ƙarshensa. Zangon da ya ɓace ba izini ana ƙirga shi a ciki.

Na ɗauki hoton lissafin na tura wa Kawu. Har yanzu bai amsa ba.

Asibitin jami'a. Layi. Wata yarinya a gefena tana ta kuka a waya kan sakamakon gwaji.

Likitar ta riƙe rahoton da muka karɓo daga inda Auta yake karɓar magani, ta ce yadda yake ba zai yi ba. An rubuta yana jinya a wurinsu kuma yana buƙatar hutu, shi ke nan. Babu ranar da aka gano ciwon, babu ranar fara magani, babu tsawon hutun. Ta ce hutu kawai na iya zama mako guda, ita kuma zango sukutum ake so ta goya wa baya. Allah ya taimake ni katin maganin yana jaka, da sakamakon gwajin majina. A katin komai a fili yake: ranar farawa, nauyinsa, wata biyu na farko da ake haɗa magunguna huɗu, sannan wata huɗu na ci gaba. Da ta gani sai ta sassauto, amma duk da haka sai da na hau a-daidaita na koma aka sake rahoton da ranaku da hatimi. Likitan can bai yi musu ba, minti kaɗan ya gama. Jiran sa ne ya ci lokacin.

Na biya gida Auta ya sa hannu. Fotokofi kwafi uku. Shugaban Sashe ya sa nasa bayan la'asar, sakatariya ta buga mini hatimi da kwanan wata a kwafina. Ta ce kada mu ɗauka an gama, sai ta bi kwamitin sashe da na tsangaya, Majalisar Jami'a ta amince, a rubuto masa. Kafin nan in riƙa leƙowa. Ranar dawowa ma wata wasiƙar ce, da shaidar likita cewa ya warke.

Masara gasasshiya a bakin get, da zafinta. Ita ce abincin ranata.

Da na dawo raina fes, har ina tsokanar Mama. Sai Auta ya tambaye ni daga ɗakinsa, "Yaya, to yaushe zan yi kwasa-kwasan da na bari?" Malam ya riga ya gaya mini, na so in bari sai gobe. Kwasa-kwasan zangon farko a zangon farko kawai ake koyar da su, sai baɗi ke nan. Wasu na gaba kuma ba a ɗaukar su sai an ci waɗannan. A takarda zango ɗaya aka nema, amma da wuya ya gama tare da 'yan ajinsu, bautar ƙasa ma su riga shi tafiya.

Na faɗa masa yadda yake. Ya ce to. Ya tambaya ko akwai sauran kunu, Mama ta miƙe da sauri ta ɗumama masa, ya sha rabi ya juya wa bango fuska.

Baba kuwa daɗi ya ji da babu sunan ciwon, har ya sa mini albarka. Ban gaya masa maganar shekarar ba tukuna. Gobe da asuba akwai magani kafin karin kumallo, Alhamis kuma awon nauyi.