Talata: aikin ƙasida mai shafi goma sha biyu

Aikin yau wata tsohuwar ƙasidar Hausa ce, shafi goma sha biyu, girman A5, kowane shafi an raba rubutunsa gida biyu, hagu da dama. Fayil ɗin asali ya ɓace, kwafin takarda kawai ya rage, ana kuma son a sake buga ta yadda take.

Hotunan da aka fara turowa ta WhatsApp ba su yi ba. Manhajar tana matse hoto, gefen baƙaƙe ya dusashe, ga inuwar hannu a ƙasan shafi. Sai na karɓi takardar na ɗora a sikana, dpi 300, launin toka. A haka shafin A5 yana fitowa 1748 da 2480 a fiksel. Shafi na huɗu ya ɗan karkace, shi kaɗai na miƙar kafin in ba Tesseract, manhajar OCR mai karanta rubutu daga hoto:

```
magick shafi04.png -deskew 40% gyara04.png
tesseract gyara04.png shafi04 -l eng --psm 3
```

Da farko na yi kuskuren sa `--psm 6`. Wannan yana ɗaukar shafi a matsayin dunƙulen rubutu guda, don haka ya karanta layin hagu ya zarce na dama, jimloli suka cakuɗe. `--psm 3` yana raba shafin da kansa. A shafi biyu da tsakanin gidajen ya yi ƙunci sosai, shi ma ya ruɗe, sai na yanka hoton biyu na ba shi kowanne daban.

Inda aikin ya ci lokaci shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa. Fayil ɗin `eng`, wato na Turanci, bai san ɓ, ɗ da ƙ ba kwata-kwata, ba ya iya fitar da abin da babu a jerin baƙaƙensa, sai ya ɗauko mafi kama. Wani lokaci ɓ ya koma 6, wannan mai sauƙi ne, ido na kama lamba a tsakiyar kalma. Mai haɗarin shi ne idan ya sauke lanƙwasar kawai, domin abin da ya rage yakan zama wata kalmar Hausa lafiyayya. Faɗa ya koma fada, ƙara ya koma kara, baƙi ya koma baki. A shafi na bakwai an ce a tarbi baƙi, na'ura ta ce a tarbi baki.

Shi ya sa ba a musanya su gaba ɗaya da danni ɗaya. Kalmomin da ba su da tagwaye, irin su ƙungiya, ɓangare da ɗalibai, na musanya a lokaci guda. Masu tagwayen kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya da takardar a gefe. Wanda allon rubutunsa ba shi da baƙaƙen, a Word sai ya rubuta `0253` don ɓ, `0257` don ɗ, `0199` don ƙ, ya danna `Alt+X`. A kula: idan baƙin da ya zo kafin lambar a, b, c, d, e ko f ne, Word zai haɗa shi cikin lissafin, don haka a haskaka lambar tukuna.

Sai haɗa layuka. OCR yana yanke rubutu a ƙarshen kowane layi kamar sabon sakin layi ne. Na fara mayar da `^p^p` wata alama ta wucin gadi, na mayar da `^p` sarari, sannan na mayar da alamar ta koma `^p`, wato alamar ƙarshen sakin layi a Word. Karan ɗori na ƙarshen layi ban share shi a dunƙule ba, saboda daban-daban da gyare-gyare nasu na asali ne, in aka share sai su manne. Shi ma ɗaya bayan ɗaya.

Tsarin shafi ba a yin sa da ƙiyasin ido, aunawa ake yi daga hoton. Inci ɗaya fiksel 300 ne, kuma foyin 72 a ma'aunin girman rubutu. Daga gindin layi zuwa gindin na ƙasa na samu fiksel 50, wato foyin 12, na sa wannan tazarar a `Exactly` na saitin tazarar layi a Word, da rubutu mai foyin 10. Faɗin kowane gida fiksel 720, kusan santimita 6.1. Salon rubutun na zaɓi `Charis SIL` don yana da masu lanƙwasar duka, manya da ƙanana. Salon da ba shi da su, Word yakan aro su daga wani, a ga ƙ ta fi maƙwabtanta kauri ko tsayi.

Da la'asar na buga shafi na farko, na ɗora kan na asali, na ɗaga su ga hasken taga. Gefuna sun hau juna, amma gidan dama ya zarce da layi ɗaya, saboda sabon salon ya fi tsohon faɗi. Gobe zan rage shi zuwa foyin 9.5 in sake gwadawa, sannan karatun ƙarshe da mutum biyu, ɗaya na karanta takarda da ƙarfi, ɗaya na bin allo.