Darasin kwafin DNA: a fara da baki na 3'

Koyar da kwafin DNA ga 'yan aji ɗaya a nan Katsina ya nuna mana cewa haddar sunayen inzayim ba ta fisshe ɗalibi. Ɗalibi zai jero helikes, firaimes, folimares da laiges ba tuntuɓe, amma da an ce ya zana ya nuna inda sabon sili ya nufa sai alƙalami ya tsaya. Maganin wannan doka ɗaya ce: folimares ba ya ƙara sabon niyukiliyotaid, wato harafi ɗaya na DNA, sai a baki na 3' na silin da yake ginawa. Kusan duk abin da ke rikita mutane a darasin daga nan ya taso.

DNA sili biyu ne a murɗe, A tana kama T, G tana kama C. Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu, silin nan biyu sukan rabu, kowanne ya zama abin da za a kwafa, don haka kowace sabuwar DNA tana ɗauke da tsohon sili ɗaya da sabo ɗaya. Meselson da Stahl suka tabbatar da haka a 1958. Wannan kam ba ya wahalar da kowa.

Lambobin 5' da 3' ne ake wucewa da sauri, alhali nan ya kamata a zauna. Lambobin kabon ne na sukarin da ke cikin kowane niyukiliyotaid. Kabon na 5 yana riƙe da fosfet, na 3 kuma yana riƙe da OH. Sabon niyukiliyotaid yana zuwa da fosfet uku, OH ɗin da ke bakin sili ya kama na farko, biyu su ɓalle, kuma ɓallewar tasu ce ke ba da ƙarfin haɗin. In babu OH a bakin, babu inda za a ɗora na gaba. Shi ya sa sabon sili ke tsawo daga 5' zuwa 3' kawai. Sili biyun kuma kai da ƙafa suke kwance: inda ɗaya yake da 5', ɗan'uwansa 3' gare shi.

A ce an ba ku wannan sili a jarrabawa, aka ce ku rubuta abokinsa:

```
5'-CTAGGCAT-3'
3'-GATCCGTA-5'
```

Layi na biyu shi ne amsar, kuma ku lura da lambobin bakinsa. Idan aka nemi a rubuta shi daga 5', sai a karanto daga dama: 5'-ATGCCTAG-3'. Da yawa sukan rubuta 5'-GATCCGTA-3'. Haruffan sun yi daidai ɗaya bayan ɗaya, amma silin a juye yake, wani sili ne daban. Ku riƙa sa lambobin baki kafin ku rubuta harafi ko ɗaya.

Yanzu ga yadda aikin ke gudana. Helikes yana raba sili biyun, wurin rabuwar ya yi siffar Y, shi ne bakin tsaga. Duk wanda ya taɓa jan tufkar igiyar rama don ya raba ta ya san murɗin yana taruwa a gaba har igiyar ta ƙudundune. Haka ke faruwa a nan, kuma a bakteriya wani inzayim mai suna jaires ne ke yanka DNA, ya sassauta murɗin, ya sake haɗewa. Maganin nan sifurofuloksasin da ake sayarwa a kemis yana cikin masu hana shi kammala haɗewar, sai DNA ɗin bakteriyar ya kakkarye.

Folimares ba ya iya fara sili daga babu, tunda yana buƙatar OH da zai ɗora a kai. Firaimes ne ke shimfiɗa ɗan guntun RNA mai kusan niyukiliyotaid 10, wato firaima, sannan folimares ya karɓa. A ɗaya daga cikin tsofaffin silin, hanyar 5' zuwa 3' ta dace da inda tsagar ta nufa, sai firaima ɗaya ta wadatar, folimares ya bi bayan helikes ba tsayawa. Wannan ne silin lidin. A ɗaya silin kuwa dokar ta tilasta masa ya juya wa tsagar baya. Zai gina guntu yana nisantar bakin tsaga, kafin ya gama helikes ya buɗe sabon wuri a bayansa, sai a sake sa firaima kusa da tsagar a sake ginawa. Wannan ne silin lagin, kuma guntayen su ne guntayen Okazaki, da sunan Reiji da Tsuneko Okazaki na Japan. A bakteriya tsawon kowanne niyukiliyotaid 1,000 zuwa 2,000 ne, a jikin mutum 100 zuwa 200. Daga baya a cire firaimomin, a cike gurbinsu da DNA, laiges ya ɗinke 'yar tsagar da ta rage. Laiges ba ya cike gurbi, haɗi ɗaya tak yake ƙullawa, kuma wannan bambancin yana yawan cinye maki.

Ga hanyar duba zanenku. Kibiyar silin lidin ta nufi bakin tsaga, kibiyar kowane guntun lagin ta nufi baya, kuma guntun da ya fi kusa da tsagar shi ne sabo fil. Idan kuka zana asali ɗaya, wato wurin da kwafin ke farawa, da tsaga biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, tsohon silin da ya ba da lidin a dama shi zai ba da lagin a hagu. Wanda ya ja dogon sili tun daga wannan gefe har wancan bai bi dokar ba.

Lissafin lokaci ma yana da daɗi. DNA ɗin E. coli ya kai haruffa miliyan 4.6, zobe ne mai asali ɗaya da tsaga biyu, kowace tana cin kusan 1,000 a daƙiƙa. Kowace tsaga ke nan tana da miliyan 2.3, wato daƙiƙa 2,300, kusan minti 38, kuma abin da ake gani a ɗakin gwaji kusan minti 40 ne. A mutum folimares yana tafiyar kusan 50 a daƙiƙa, ga haruffa fiye da biliyan 3 a kowane cikakken rukunin kuromosom. Da asali ɗaya ne a kowane kuromosom, da sai an yi makonni. Asalai dubbai ne ke buɗewa, shi ya sa ake gamawa cikin kusan awa 8.

To me ya sa halitta ta ɗauki wahalar guntaye, ba a sami folimares mai gini ta ɗaya ɓangaren ba? Bayanin da ya fi gamsar da mu yana wajen gyaran kuskure. Folimares yakan sa harafin da bai dace ba kusan sau ɗaya cikin 100,000. Idan ya ji haɗin bai zauna ba, sai ya koma baya ya gutsure harafin, abin da ke mayar da kuskure kusan ɗaya cikin miliyan 10, sannan wasu inzayim su bi baya su rage shi zuwa kusan ɗaya cikin biliyan. Bayan gutsurewar, OH na 3' yana nan a bakin sili, sabon niyukiliyotaid kuma ya zo da nasa fosfet uku, aiki ya ci gaba. Da a ce ta baki na 5' ake gini, fosfet ukun suna jikin silin ne, cire harafi ɗaya zai tafi da su, silin ya tsaya cak.

Likitoci ma sun yi amfani da wannan doka. Zidobudin, wato AZT, ɗaya daga cikin magungunan farko na cutar ƙanjamau, yana kama da niyukiliyotaid mai T, sai dai a kabon na 3 ba shi da OH. Inzayim ɗin ƙwayar cutar da ke mayar da RNA ɗinta zuwa DNA yakan ɗauke shi ya ɗora a sili, daga nan babu inda harafi na gaba zai kama, sai silin ya tsaya a guntule.