Kafin kwamitin horo ya zauna, a rubuta iyakar ikonsa

Ƙannena da kuka shigo aikin ofis kwanan nan, wata rana za a miƙo wa ɗayanku wasiƙa a ce an sa shi cikin kwamitin shirya horon ma'aikata na bana. Da yake ƙarami ake ɗora wa biro, shi za a ce ya rubuta takardar sharuɗɗan aikin kwamitin. Haka ta faru da ni a wani kamfani a nan Jos, kuma na rubuta ta yadda kowa ke rubutawa. Na jera ayyuka: gano buƙatun horo, nemo masu koyarwa, tanadar ɗakin taro, rubuta rahoto. Manaja ya sa hannu, kowa ya yaba. Amma babu layi ko ɗaya a ciki da ya faɗi abin da za mu iya yankewa da kanmu da abin da sai mun kai sama.

Ba mu ga illar ba sai da tafiya ta yi nisa. Mun daidaita farashi da wani mai koyarwa daga Abuja, mun kama ɗakin taro a wani otal, ciyaman ɗinmu har ya ba da kafin alƙalami daga aljihunsa da niyyar a mayar masa. Da takarda ta isa teburin akanta sai ta ce, “Ranka ya daɗe, wa ya ba ku izinin ƙulla ciniki da sunan kamfani?” Muka nuna takardarmu. Ta karanta ta ce nemowa aka rubuta, ba ɗauka ba. Kuma gaskiyarta. Manaja yana da wani mai koyarwa a ransa, ya kuma canza watan horon, otal ɗin ya riƙe kuɗin, aka bar ciyaman da rasit a hannu.

Don haka ku duba aikatau ɗin da kuke sa wa kowane aiki. Ba da shawara daban, zaɓa daban, amincewa daban. A gaban kowane layi a faɗi wanne ne a ciki. Na kuɗi kuwa a sa masa lamba. A ce kasafin horon naira miliyan 6 ne. Sai a rubuta cewa kwamiti zai iya amincewa da kashe abin da bai wuce naira dubu 300 ba a abu guda, da sa hannun ciyaman da akanta, abin da ya haura haka kuma shawara ce zuwa ga manaja, tare da farashi daga wurare uku. A ƙara da cewa babu ɗan kwamitin da zai yi wa wani alkawari ko ya biya daga aljihunsa kafin izini ya fito a rubuce. Wanda ke ma'aikatar gwamnatin tarayya ma hannunsa ya fi ɗauruwa, domin dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 tana nan, kuma takardar kwamiti ba ta iya ba shi ikon da doka ta ajiye a wani teburi. Ya fara tambayar sashen da ke kula da saye kafin ya rubuta lamba.

Inda rigima ta fi tsami shi ne zaɓen masu zuwa. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san kwas ɗin da za a yi a cikin harabar kamfani ba shi da masoya, na Abuja ko Legas kuwa, mai alawus ɗin tafiya da kwana, kowa yana da buƙatarsa. Ni na bar wannan a buɗe, na ce kwamiti zai tantance. Tantancewa da me? Muka fitar da sunaye, kafin la'asar shugabannin sassa sun fara leƙowa, wannan ya ce yaronsa ya fi daɗewa, wancan ya ce an manta da sashensa. Jerin da ya fita a ƙarshe rabinsa waɗanda suka je bara ne, masu gyaran injin da horon ya fi shafa kuwa suna nan a bakin aiki. Ba mu da abin karewa, tunda babu ma'auni a rubuce.

A shekarar da ta biyo baya ga yadda muka gyara. Shugaban sashe ne ke kawo suna, a fom, ya faɗi aikin da ma'aikacin ke kasa yi ko sabon aikin da za a ɗora masa, yana dogaro da rahoton auna ƙwazo na ƙarshen shekara. Wanda ya je kwas na waje cikin shekara biyu da suka wuce ya jira, sai in aikinsa na buƙatar sabunta satifiket. Ɗan kwamiti da sunansa ya shigo, ya fita daga ɗakin lokacin da ake maganarsa. Bayan jeri ya fita, manaja kaɗai ke iya canza suna, a rubuce, da dalili. Wannan layin na ƙarshe ya rage min baƙi ƙwarai, domin mai son cusa ɗan uwansa ba ya son a ga hannunsa a takarda.

Akwai kuma asarar da kunya ta fi kama ni a kanta, don a garinmu Jos hedikwatar hukumar ITF take, a kan titin Miango. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da dokar ta shafa, kuma kamfanin da ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idar asusun zai iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya. Ku lissafa: albashin naira miliyan 120 a shekara, gudunmawa miliyan 1 da dubu 200, abin da za a iya nema ya kai dubu 600. Sai dai ana so a sanar da su shirin a sami amincewa kafin a fara, sannan a ajiye shaida, wato rajistar halarta, rasit da satifiket. Takardata ba ta ɗora wa kowa wannan aikin ba. Akanta ta zaci mu za mu yi, mu muka zaci nata ne, sai bayan an tashi daga horon aka tuna. Yanzu ina rubuta muƙamin wanda zai yi, da ranar da zai yi, kuma ina aika shi ofishinsu ya karɓo ƙa'idar da ake kai a shekarar, don kada mu yi aiki da ta jiya.

Ranakun daga baya ake lissafo su. In horo a Satumba ne, sunaye su fita a Yuli, don sassa su shirya wanda zai riƙe aiki, kasafi da masu koyarwa kuma su sami sa hannu tun Yuni, buƙatun sassa su shigo a Afrilu. A sa wa manaja ma tasa ranar, a ce zai ba da amsa cikin mako guda, in ba haka ba fayil zai kwana wata a teburinsa laifin ya dawo kanku.

Sauran abubuwa gajeru ne. Mutum biyar sun isa, da akanta a ciki tun zaman farko, uku kuma su iya zama su yanke. Sakatare ya rubuta abin da aka yanke a kowane zama, ciyaman ya sa hannu. A faɗi ranar da kwamiti zai miƙa rahoto da lissafin kuɗi ya watse, misali mako huɗu bayan horo, kuma rahoton ya ƙunshi sunayen waɗanda suka je da kwas ɗin da kowa ya yi, domin da shi kwamitin baɗi zai san wanda zai jira.

In kun gama rubutawa, kada ku kai wa manaja kai tsaye. Ku ba akanta da odita su karanta tukuna, ku tambaye su ko za su biya kuɗi bisa abin da ke rubuce. Layin da suka yi jim a kansa, shi za ku sake rubutawa.