Yadda nake zaɓen maudu'i ga bidiyon tsirenmu a Jidda

Yayana yana da ƙaramin shagon tsire a kudancin Jidda, ni kuma aikina shi ne ɗaukar gajerun bidiyo da waya a tsaye ina ɗorawa a TikTok da Instagram. Abin da ya fi cin mini lokaci shi ne zaɓen maudu'an da ake rubutawa da alamar # a ƙasan bidiyo, domin kowane maudu'i yana da girmansa, kuma yana da irin mutanen da ke taruwa a ƙarƙashinsa.

Kafin na sa maudu'i sai na rubuta shi a gurbin bincike na TikTok, na duba yawan bidiyon da ke ɗauke da shi, sannan na kalli na sama-sama guda goma. A ma'aunin da na yi wa kaina, wanda ya tara miliyoyi shi ne babba, irin su #fyp, wato For You, shafin da TikTok ke zaɓo wa mutum bidiyo, da kalmar Explore a rubutun Larabci, wato #اكسبلور. Wanda ke tsakanin dubun-dubata da ɗaruruwan dubbai shi ne matsakaici, kamar na gidajen abincin Jidda, wato #مطاعم_جدة. Wanda bai wuce 'yan dubbai ba kuma shi ne ƙarami. Manyan ba su da wani dogon bayani. A ƙarƙashin #fyp akwai ƙwallo da barkwanci da tallar turare, saboda haka bai gaya wa manhajar komai game da abin da ke cikin bidiyona ba, kuma sababbin bidiyo suna binne shi nan da nan.

Matsakaitan ne ke buƙatar natsuwa. Na ɗauki bidiyo biyu masu kama da juna, kowanne daƙiƙa 20, inda ake ganin hannun yayana yana barbaɗa ƙuli a kan nama, sannan tsinkayen suna jere a bakin garwashi, mai yana ɗiga. Na farko na sa masa maudu'an Hausawa irin su #arewa da #hausatiktok, ya kuwa samu masu kallo da yawa, amma da na buɗe shafin alƙaluma na duba ƙasashensu, sai na ga mafi yawansu suna Najeriya da Nijar. Sun yaba, wasu ma suka ce "Allah ya kai mu", na ji daɗin hakan ƙwarai, sai dai mutumin da ke Kano ba zai sayi tsiren Jidda da daren nan ba. Na biyun na sa masa na abincin Jidda da gidajen abincinta, wato #اكل_جدة da #مطاعم_جدة tare da #سيريه, wato sunan da mutanen Hijaz suka san tsire da shi. Masu kallonsa ba su kai na farko ba, amma Saudiyya ce a saman jerin ƙasashe, kuma tambayoyin da suka shigo su ne na kwatancen shago da farashi da lokacin buɗewa. Tun daga nan, abin da nake fara tambayar kaina game da maudu'i shi ne ko mutanen da ke cikinsa za su iya takowa su zo, girmansa kuma ya biyo baya.

Ƙaramin maudu'i a hankali yake aiki. Ba ya kawo cincirindo a ranar farko, amma da yake masu gasa a cikinsa kaɗan ne, bidiyo yakan daɗe a sama, kuma ana gane amfaninsa idan kason Search, wato waɗanda suka samo bidiyon ta bincike, ya ci gaba da ƙaruwa a alƙaluma bayan na For You ya lafa. Yana da iyaka: idan na ƙirƙiro maudu'in da ba wanda ke nemansa, kamar sunan shagonmu kaɗai, to ya zama ma'ajiyar bidiyonmu ne kawai. Rubutun Larabci ma yana da tarkonsa, domin #جدة da #جده maudu'ai biyu ne daban, haka #سيريه da #سيرية, don haka nakan duba duka biyun na ɗauki wanda ya fi motsi. Idan kuma aka bar tazara tsakanin kalmomi, maudu'in ya yanke a kalmar farko, shi ya sa ake haɗa su da alamar _.

Yanzu ba na wuce huɗu ko biyar: matsakaita biyu masu sunan gari, ƙanana ɗaya ko biyu masu sunan abincin, babba kuma guda ɗaya idan ya shafi abinci, in ba haka ba na bar shi. Nakan canza maudu'i ɗaya tak a kowane gwaji, don na san wanda ya kawo bambanci. Idan kuwa alƙaluma suka nuna mutane suna wucewa tun daƙiƙa biyu na farko, ba na taɓa maudu'an, sai na koma na sake yanka bidiyon ya fara da naman a kan wuta maimakon ƙofar shago.