Talata: layuka 60 da suka ƙi barin `pending`

Tun kafin ƙarfe goma na safe Hajiya ta aiko a kira ni, domin mutane sun fara dawo da amsa suna tambayar dalilin da ya sa saƙon tabbatar da rajistarsu ya zo musu sau biyu, wasu ma sau uku, alhali waɗansu da suka yi rajista tare da su ko ɗaya ba su gani ba. Da na buɗe teburin da ke Google Sheets sai na tarar dukkan layuka 60 da suka shigo cikin dare suna nan yadda suke, kowanne da `pending` a ginshiƙin `status`, kamar sikirif ɗin, wato ɗan shirin kwamfutar da ke aika saƙonnin, bai taɓa duba su ba.

Wani ƙanena na ofis ne ya rubuta sikirif ɗin da Apps Script, dandalin Google na rubuta irin waɗannan shirye-shirye, kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin ya bi shawarar da ake ba kowa: ka karanta teburin gaba ɗaya da `getValues()`, ka yi aikinka, sannan ka mayar da sakamako gaba ɗaya da `setValues()` a ƙarshe, saboda rubuta gurbi ɗai-ɗai yana cin lokaci. Ya kuma sa masa tirigar lokaci da ke tayar da shi kowane minti biyar daga ƙarfe tara. A ranakun da layuka uku ko huɗu ne ke jira, aikin kan ƙare cikin rabin minti, babu wanda ya taɓa jin motsinsa.

Shafin `Executions`, inda ake jera kowane zagaye, wato duk lokacin da sikirif ɗin ya tashi aiki, shi ne ya ba ni labarin duka. Zagaye biyu na farko suna ɗauke da `Timed Out`, kowanne ya yi kusan daƙiƙa 360, kuma na biyun ya fara tun na farkon bai ƙare ba. Daga na uku zuwa ƙasa kuwa `Failed` ne a jere, da saƙo iri ɗaya: `Service invoked too many times for one day: email`.

Lissafin ba shi da wuya. Kowane layi yana cin kimanin daƙiƙa takwas, domin sai an tambayi wata manhaja ta waje ta hanyar `UrlFetchApp`, an jira amsarta, sannan a aika imel. Layuka 60 ke nan suna bukatar minti takwas, shi kuwa Apps Script ba ya barin zagaye ɗaya ya wuce minti shida. Zagayen ƙarfe 9:00 ya aika wa mutum 45, aka yanke shi a 9:06 kafin ya kai wurin da zai rubuta `done`. Zagayen 9:05 ya tarar da layuka 60 duk a `pending`, ya fara daga sama, shi ma ya aika wa waɗannan 45 ɗin. Zagayen 9:10 ya aika wa goman farko, sai iyakar mutum 100 a rana da ake ba asusun Gmail na kowa da kowa ta cika. Mutum goma sun samu saƙo uku, mutum 35 sun samu biyu, mutum 15 na ƙarshe ba su samu komai ba. Da ba don wannan iyaka ta imel ba, da abin ya ci gaba har sai ya cinye minti 90 da ake ba tirigogin irin wannan asusu a rana.

Abin da ya tsaya mini a rai har yanzu shi ne hirar da muka yi da ƙanen nawa bayan na nuna masa wannan. Ya yi shiru yana kallon shafin, sannan ya ce, “Yaya, ai gyaran ba shi da yawa. Tunda matsalar ita ce zagaye biyu sun haɗu, a mayar da tirigar kowane minti goma. Babu zagayen da zai wuce minti shida, saboda haka ba za su sake haɗuwa ba.”

Na ce masa maganarsa gaskiya ce, ba za su haɗu ba, amma ya gaya mini me zagayen 9:10 zai gani a tebur bayan an yanke na 9:00. Ya yi tunani kaɗan ya ce zai ga `pending` 60. Na ce to, wa zai fara aika wa? A nan ya ajiye biron da ke hannunsa. Haɗuwar zagaye biyu ita ce abin da ido ke fara gani a shafin `Executions`, amma tushen matsalar shi ne sikirif ɗin yana yin aikin da ba a iya mayar da shi baya, wato aika saƙo, yana riƙe shaidar cewa ya yi a cikin ƙwaƙwalwar zagayen kawai, ita kuwa wannan ƙwaƙwalwa tana ɓacewa da zarar an yanke shi. Teburin ne kaɗai ke wanzuwa tsakanin zagaye da zagaye, kuma shi ne aka bari ba a gaya masa komai ba.

Muka zauna muka sake rubuta shi tare. Abu na farko shi ne makulli, domin ko an daidaita lokaci, wani zai iya danna `Run` da hannu yayin da tiriga ke aiki:

```javascript
const lock = LockService.getScriptLock();
if (!lock.tryLock(1000)) return;
const start = Date.now();
```

Zagayen da ya zo ya tarar da wani a ciki zai jira daƙiƙa ɗaya ya fita, ba tare da ya taɓa layi ko ɗaya ba. Na zaɓi `tryLock` a kan `waitLock` da gangan, domin babu amfanin zagaye ya tsaya yana jira yana cin lokacin rana alhali wani zai sake zuwa bayan minti biyar, kuma `waitLock` yana jefa kuskure idan lokacin jiransa ya ƙare, ya cika shafin da `Failed` marasa ma'ana.

Abu na biyu shi ne kowane layi ya samu alamarsa kafin a fara aikinsa, kuma zagayen ya tsaya da kansa kafin a yanke shi:

```javascript
if (Date.now() - start > 270000) break;
sheet.getRange(r, 5, 1, 2).setValues([["processing", new Date()]]);
SpreadsheetApp.flush();
```

Wannan 270000 ɗin minti huɗu da rabi ne, wanda ya bar ratar minti ɗaya da rabi ko da layin ƙarshe ya yi nauyi. Shi kuma `flush()` yana tilasta a rubuta alamar a tebur nan take, domin Apps Script kan tara rubuce-rubuce ya aika su daga baya a dunƙule. Bayan an aika saƙon sai a rubuta sakamako da `done` a wannan layin, a sake yin `flush()`, sannan a wuce na gaba. Ƙanen nawa ya ɗan ja da baya a nan, ya ce wannan ya saɓa wa abin da ya koya game da rubutu a dunƙule. Na ce masa waccan shawara tana da kyau idan lissafi kawai ake yi, inda maimaitawa ba ta cutar da kowa, amma a layin da ke cin daƙiƙa takwas, ɗan lokacin da rubutun zai ƙara ba abin tsayawa a kai ba ne. Da wannan tsari, layuka 60 za su ƙare a zagaye biyu: kusan 30 a na farko, sauran a na biyu.

Har zuwa nan raina fari ne, shi ma ya saki fuska. Na sa shi ya bi akwatin saƙonnin da aka aika ya mayar da layuka 45 ɗin `done` da hannu. Mutum 15 da suka rage sai gobe, idan `MailApp.getRemainingDailyQuota()` ya daina nuna sifili.

Da yamma ne ya dawo da tambayar da ta hana ni sakewa. Ya ce, “Yaya, idan saƙon ya fita, sai kuma zagayen ya mutu kafin ya rubuta `done` fa?” Layin zai tsaya a `processing` har abada, domin babu zagayen da ke neman irinsa. Shaidar lokaci da muke rubutawa a gefen alamar za ta nuna mana cewa ya maƙale: duk layin da ya wuce minti goma a `processing`, zagayen da ya ɗauke shi ya riga ya mutu, tunda babu mai rai bayan minti shida. Amma lokacin ba zai gaya mana ko saƙon ya fita ba. Idan muka mayar da layin `pending`, mai yiwuwa mutumin ya samu saƙo biyu. Idan muka bar shi ko muka sa masa `done`, mai yiwuwa bai samu komai ba. Aika imel da rubutu a tebur ayyuka biyu ne a wurare biyu, kuma duk yadda aka kusanta su a cikin sikirif, akwai 'yar tazara tsakaninsu da zagaye zai iya mutuwa a cikinta. Mun rage tazarar daga minti shida zuwa ƙasa da daƙiƙa kaɗan, daga layuka 45 zuwa layi ɗaya, amma ba mu rufe ta ba, kuma ban ga yadda za a rufe ta da `MailApp` kaɗai ba. Inda manhajar da ake aika wa tana karɓar lambar shaida ta kowane layi ta ƙi maimaita wadda ta riga ta gani, da maimaitawa ba ta zama abin tsoro ba. Akwatin imel ɗin mutum ba ya yin haka.

Na je wurin Hajiya na ce, “Ranki ya daɗe, wanne ya fi miki sauƙi, mutum ɗaya ya samu saƙo biyu ko ya rasa gaba ɗaya?” Ta ce ba ta son ko ɗaya. Na ce na sani, amma dole sikirif ɗin ya san abin da zai yi idan hakan ta faru. Ta yi dariya ta ce to kada ya yi komai, ya kira mutum. A ganina amsarta ta fi wadda nake shirin bayarwa, domin ni na karkata ga maimaitawa ne saboda ita ce mafi sauƙin rubutawa. Yanzu kowane zagaye zai fara da duba layukan da suka wuce minti goma a `processing`, ya mayar da su `check`, ya bar su sai wani ya duba akwatin aikawa ya yanke hukunci.

Akwai saura abu ɗaya da ban taɓa ba. Sikirif ɗin yana mayar da sakamako ne da lambar layi, wato `r` ɗin nan, wadda ya karanta a farkon zagaye. Idan wani ya jera teburin bisa sunaye ko ya goge layi yayin da zagaye ke tsakiyar aiki, `done` zai sauka a kan wani mutum daban, kuma makullin ba zai hana wannan ba, domin sikirif kawai yake tsarewa, ba hannun mutane ba. Gobe zan sa kowane layi ya samu lambar shaida a ginshiƙin farko, sikirif ɗin ya tabbatar da ita kafin kowane rubutu. Kafin nan na roƙi Hajiya kada ta danna `Sort` a wannan tebur, ta kuwa ce ita ce ma ta fi kowa danna shi.