Na biya rabin watanni, ban biya rabin bashi ba

Ƙannena, ku bar ni in tona wa kaina asiri. Shekarun baya na karɓi rancen naira 1,000,000 a wani ƙaramin banki nan Sakkwato don in cika shagona na Tsohuwar Kasuwa. Ruwa kashi 3 cikin ɗari a wata, a biya cikin wata 24, kowane wata naira 59,047. An ba ni wata takarda mai layuka 24, jadawalin biya, na ninke ta na cusa ƙarƙashin kanta. Batun halaccin ruwa kuwa na malamai ne, kuma da na fara zuwa wurinsu da ya fi mini. Lissafin kawai zan nuna muku.

Da na cika wata 12, albasar da na ajiye ta yi kuɗi, sai na ɗauki 500,000 na tafi in rufe bashi. Ma'aikacin ya duba na'ura ya ce, "Alhaji, saura wajen 587,700." Na ce ai rabi na biya. Bai yi musu da ni ba, ya ɗauko irin takardar da na wulaƙanta, ya ɗora biro kan layin farko.

Ruwan kowane wata, a kan abin da ya rage na uwar kuɗi ake lissafa shi. A watan farko miliyan na nan cur, kashi 3 nata 30,000 ne. Ke nan cikin 59,047 da na kai, 29,047 kaɗai suka taɓa uwar kuɗin, saura 970,953. Wata na biyu ruwa ya sauko 29,129, uwar kuɗi ta samu 29,918. Abin da nake kaiwa bai canza ba, rabon ne ke gusawa sannu a hankali, har a wata na 24 ruwa ya koma wajen 1,720 kacal. A shekarar farko na zuba sama da 708,000, amma wajen 296,000 ruwa ya sha, alhali na shekara ta biyu bai wuce 121,000 ba. Ba wanda ya cuce ni, ni ne ban karanta ba.

Abin da ya fi ci mini rai, tun a wata na uku ina da rarar 100,000 ajiye a gida. Da na zuba ta kan uwar kuɗi, da ruwan 3,000 ya faɗi a wata mai zuwa, haka kowane wata bayansa.

Kafin ka sa hannu, ka nemi jadawalin, ka duba layin ruwa. In yana raguwa wata bayan wata, irin nawa ne. In 30,000 ɗin ne tsaye har ƙarshe, a kan miliyan ta asali ake lissafi, ruwa zai kai 720,000 maimakon wajen 417,000. Ka kuma tambaya ko akwai tarar biya da wuri, kuma in ka kai ƙari, a rubuta maka cewa kan uwar kuɗi ya hau.