Kafin ka duba iyaka, fara haɗa lissafin shekara

Ƙanena, tunda an ɗora ka a kan sayen kayan gwamnati, bari in gaya maka abin da na so a ce an faɗa mini tun makon farko.

Iyakokin kuɗi iri biyu ne a littafin ƙa'idoji, ni kuwa na daɗe ina ɗaukarsu abu ɗaya. Ta farko tana nuna hanyar saye: ƙaramin abu a karɓi takardun farashi daga 'yan kasuwa, galibi uku, babba kuma a yi talla kowa ya shigo takara. Ta biyu tana nuna wanda zai amince: shugaban ma'aikata, ko kwamitin ba da kwangila, ko hukumar da ke sama da su. Ba lallai adadinsu ya zo ɗaya ba, kuma iyakar kaya daban take da ta aikin gini.

A wurin da na fara aiki, takardun farashi sun tsaya a miliyan 5, sa hannun shugaba a miliyan 10. Duk wata uku mai kula da sito ya kan turo buƙatar takarda da tawadar na'urar buga takardu, ta kusan miliyan 4. Sai in karɓi farashi uku, shugaba ya sa hannu, hankalina kwance. Da odita ya zo, ya jera fayil huɗun a kan tebur, ya rubuta 16 da jan biro, ya zagaye ta. Kaya iri ɗaya ne, daga kaso ɗaya na kasafin kuɗi, kuma buƙata ce da aka sani tun farkon shekara. Miliyan 16 ta haye iyakokin biyu, don haka talla ya kamata a yi, kwamiti ya amince. Ban ci ko sisi ba, amma a rahoto sunan abin raba kwangila don kauce wa ƙa'ida, kuma sa hannuna ne a ƙasa. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Saboda haka kafin ka buɗe shafin iyakoki, tambayi mai kula da sito kayan nawa za a buƙata a shekara, ka haɗa da kuɗin dako, ka duba ko littafinku yana lissafa haraji a ciki. Ana iya kasa babban saye rukuni-rukuni don ƙananan 'yan kasuwa su samu shiga, amma jimillar ce ke yanke hanyar saye.

Ka kuma lura da ƙarin aiki. Kwangilar miliyan 9 da rabi, in aka ƙara mata miliyan 1, ta wuce hurumin shugaba. Ka kai fayil ɗin kwamiti kafin ɗan kwangila ya taɓa ƙarin, don amincewar da aka samo bayan an gama aiki ba ta wanke ka a gaban odita.